Shafi ɗaya a fayil ɗin rance: yadda aka sake rubuta tarihin wani manomi da ya koma ɗan kasuwar hatsi

Mai neman rancen dattijo ne ɗan shekara 51, manomin masara wanda daga baya ya shiga sayen hatsi a hannun maƙwabtansa, ya busar, ya ajiye a sito, ya sayar wa masana'antun abincin kaji. Na sakaya sunansa da na bankin, Alhaji kawai zan riƙa ce masa kamar yadda nake kiransa. A 2025, bayan ya gama sayar da amfanin kakar 2024, ya nemi rancen shekara huɗu don sayen injin busar da hatsi. Shi zai kawo kashi 30 cikin ɗari na kuɗin injin, banki ya cika sauran 70. Cikin takardun da bankin ya lissafa har da taƙaitaccen tarihin mai kasuwancin, kada ya wuce shafi ɗaya. Wannan shafin aka kawo mini in duba, tare da jakar rasidai, da takardun bayanin asusu, da litattafan sito guda uku.

Ɗan ƙanensa ne ya rubuta masa na farko, kuma yaron ya iya rubutu. Ya ce Alhaji jarumin manomi ne mai gaskiya da riƙon amana, ya shafe fiye da shekara ashirin a kasuwancin noma, yana da gona hekta 30, yana juya sama da tan 600 na masara duk shekara, ya samar wa ɗaruruwan mutane abin yi, kuma burinsa ya ga an daina shigo da abinci daga waje. Babu jimlar da za a ce ƙarya ce tsagwaronta. Amma da na jera ta da takardun jakar, kusan kowace tana da wata takarda da za ta iya ƙaryata ta, kuma duk takardun nan fayil ɗaya za su shiga.

Wa zai karanta, kuma me zai yi da shi

Jami'ar rancen da aka ba wa fayil ɗin ba ita ke yanke hukunci ba. Aikinta ta tattara bayani, ta rubuta nata rahoton, ta kai gaban kwamitin rance, inda mutanen da ba su taɓa ganin Alhaji ba za su yi mata tambayoyi, shi kuwa ba ya wurin. Abin da ma'aikatan rance suka saba aunawa guda biyar ne: halin mutum wajen biyan bashi, ƙarfin kasuwancin na fitar da kuɗin biya, jarin da shi kansa ya zuba, jingina, da yanayin kasuwar da yake ciki. Lissafi da takardun mallaka ne ke amsa yawancinsu. Tarihin mai kasuwanci yana aiki ne a kan na farkon, da kuma tambayar da ke ƙarƙashin na biyu: shin wannan mutumin ya iya tafiyar da abin da yake son a ba shi kuɗi ya faɗaɗa?

Saboda haka ma'aunin da na ɗauka ɗaya ne. Kowace jimla a shafin, sai jami'ar ta iya kwafe ta cikin rahotonta, in aka ce mata ina shaida ta buɗe fayil ta nuna. Jimlar da ba ta da takarda a bayanta, ko dai a samo mata takardar, ko ta fita. "Mai gaskiya da riƙon amana" ta fita nan take, don babu mai neman bashin da ya taɓa rubuta akasin haka game da kansa. Burin hana shigo da abinci ma ya fita. "Ɗaruruwan mutane" ya koma ma'aikata shida na dindindin, da 'yan ƙwadago da kan kai 25 lokacin kaka, da manoma 74 da sunayensu ke cikin littafin saye. Gona hekta 30 ta rabu biyu, 12 nasa ne da takardar mallaka, 18 haya ce da yarjejeniya a rubuce. Wannan rabon dole ne, domin duk wanda ya karanta "yana da gona" a banki zai lissafa ta cikin abin da za a iya jinginarwa.

Shekara ashirin da biyu, ko shekara shida

Nan ne muka fara saɓani da shi. Alhaji ya fara noma da kansa a 2003, a hekta huɗu da ya gada. Sayen masarar wasu ya fara shi a 2017 a wani ɗakin haya. Rajistar kasuwanci da buɗe asusun banki da sunan kasuwancin sai a 2019, shekarar da ya gina sitonsa mai ɗaukar tan 400. Rubutun farko ya dunƙule wannan duka ya kira shi shekara ashirin a kasuwancin noma.

Ga manomi babu laifi a haka, rayuwa ɗaya ce ta miƙe. Ga banki sana'a biyu ce. Noman gonarka yana buƙatar sanin ƙasa da iri da lokacin shuka. Sayen hatsin mutane yana buƙatar wani sanin dabam: auna danshi, yanke farashi, riƙe kuɗi masu yawa na 'yan makonni, sayarwa bashi ga kamfani, bin kuɗin, biyan albashi a watannin da babu abin da ke shigowa. Manoma da yawa da suka ƙware a ta farko sun karye a ta biyu, kuma ma'aikatan rance sun ga irinsu. Kashi huɗu cikin biyar na masarar da Alhaji ke sayarwa yanzu ba daga gonarsa take fitowa ba, don haka rancen na sana'a ta biyu ne. Jami'ar za ta buɗe takardar rajista ta ga 2019, ta koma shafin tarihi ta ga shekara ashirin, daga nan ta fara karanta sauran da ido na zargi.

"Malam, to shekarun nan da na yi a gona zubar da su za ka yi?" in ji shi.

Na ce masa, "A'a Alhaji, kowace za ta zauna a mazauninta. Na gona su ne dalilin da manoma 74 ke kawo maka kaya ba su kai wa wani ba, kuma su ne suka sa kake gane masarar da aka girbe ɗanya tun kafin a sa na'ura. Haka za mu rubuta."

Sai muka jera shekarun uku a fili, 2003, 2017, 2019, kowace da abin da ya faru a cikinta. A ganina wannan jerin ya fi ƙarfi ma, domin yana nuna mutumin da ya gwada sayen hatsi kaka biyu da kuɗinsa kafin ya gina komai. Mai ba da bashi yana son ganin irin wannan taka-tsantsan.

Tan 53 da suka ɓace

Adadin tan 600 ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne mafi haɗari a rubutun farko. Littafin saye na kakar 2024 ya nuna tan 490 da aka karɓa daga manoma. Gonarsa ta ba da tan 120, an auna bayan ta bushe. In aka haɗa, 610 ke nan, daga nan yaron ya samo adadinsa. Amma rasidan sayarwa da na tara ɗaya bayan ɗaya sun tsaya a tan 557. Tsakani akwai tan 53, kusan lodin manyan motoci biyu.

Jami'ar rance da ta ga wannan giɓin fassara biyu za ta yi masa. Ko dai an kumbura adadin don a burge banki, ko an sayar da wani kaso hannu da hannu kuɗin bai bi ta asusu ba. Kowace ta ɗauka, maganar mai neman rance ta rage daraja.

Gaskiyar ita ce ruwa ne ya tafi. Manoman suna kawo masarar da danshinta ya kai wajen kashi 22 cikin ɗari, masu saye kuwa ba sa karɓa sai ta sauko 13 zuwa 14, wanda shi ne matakin da hatsin ke ajiyuwa ba tare da ya yi fumfuna ba. A kilo 100 mai danshi 22, ainihin hatsin kilo 78 ne, sauran ruwa. In ta bushe zuwa 13, wannan kilo 78 ɗin shi ne kashi 87 na sabon nauyin, sai ka raba 78 da 0.87 ka sami kilo 89.7. Wato kowane tan ɗari na saye yana komawa ƙasa da tan casa'in kaɗan. Tan 490 sun koma 439, a ƙara 120 na gona, an sami 559. Ragowar tan biyun ƙaiƙayi ne da tsakuwa da abin da ya zube wajen shanya da lodi.

Alhaji ya san wannan sarai, ko da bai taɓa rubuta lissafin haka ba. Tun 2021 yake da na'urar auna danshi ta hannu, kuma a littafin saye kowane layi yana da ɗan adadi a gefe da jan biro, 21, 23, 19, sannan nauyin da aka biya kuɗinsa bayan an rage. Mai kula da siton ne ke rubutawa. Wannan jan biron, a wurina, ya fi duk yabon da ke shafin farko amfani, domin ɗan kasuwar hatsin da ke sayen ruwa da kuɗin masara ba ya daɗewa. Muka sa adadin sayarwa, 557, a matsayin girman kasuwancin tun da shi ne rasidai da asusu ke goyon baya, muka ƙara jimla guda da ke bayanin bambancin, muka ɗauki hoton shafi biyu na littafin muka liƙa a baya.

Akwai abin da ya kamata duk mai rubuta irin wannan shafi ya kiyaye a nan. Adadi a tarihi yana zuwa ne da tambaya uku: na wace shekara, an auna shi a wane mataki, kuma wace takarda ce ta riƙe shi. "Duk shekara" ba amsa ba ce. Alhaji ya sayar da tan 310 a kakar 2020, 420 a 2021, 260 a 2022, 480 a 2023, sannan 557. Wanda ya ce yana juya 600 duk shekara ya ɗauki shekararsa mafi kyau, ya ƙara mata ruwa, ya shafa ta a kan sauran.

Kakar 2022 da kwana 52

Jerin nan na sama yana da rami a tsakiya, kuma rubutun farko bai ce komai a kansa ba. Rabin labarin kowa ya sani. Farashin takin zamani ya fara hawa a duniya tun 2021 saboda tsadar iskar gas da ake yin takin yuriya da ita, ya ƙara tashi bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a watan Fabrairun 2022. Alhaji yana noma hekta 26 a lokacin. Ya shuka masara a 15 kawai, sauran ya sa waken suya wanda ba ya cin takin nitirojin sosai. Maƙwabtansa ma sun rage, don haka abin saye ya yi ƙaranci. Wannan ɓangaren mai sauƙin rubutawa ne, har ma yana ƙara masa ƙima, domin ya nuna mutumin da ya ga tsada ya canja shuka maimakon ya ci bashin taki.

Ɗaya rabin shi ne wanda bai so a taɓa ba. A 2021 ya karɓi ƙaramin rance a wata cibiyar ba da lamuni ya yi daɓen siminti na shanya. Kashin biyan da ya faɗo bayan kakar 2022 ya makara da kwana 52. Ya gama biyan rancen duka a ƙarshen 2023, yana da takardar shaidar kammalawa, don haka a wurinsa magana ta wuce.

A banki ba ta wuce ba. Kafin jami'ar ta gama karanta shafinmu za ta nemi rahotonsa daga ofishin da ke tattara bayanan masu cin bashi, kuma makarar da ta haura kwana talatin irin wadda ke fitowa a can ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tambayar da ta rage ita ce wa zai fara faɗa mata, mu ko rahoton. In rahoton ne, za ta gan ta tsirara, babu dalili, babu abin da ya biyo baya, kuma za ta lura cewa mun yi shiru. In mu ne, muna da damar sa abu uku kusa da ita: dalili, ranar da aka biya, da abin da ya canja. Akwai kuma ƙa'idar da ta taimake shi. A tsarin da bankuna suka fi bi, bashi yana shiga sahun waɗanda suka lalace ne in ya wuce kwana 90 ba a biya ba. Nasa bai kai can ba, kuma faɗin adadin kwanakin daidai yana nuna hakan ba sai an roƙi kowa ba.

Wajen dalilin ne aka ɗan ja. Da farko ya ce mai saye ne ya jinkirta biya. Littafin sito ya nuna wani abu dabam: a ranar da biyan ya faɗo akwai kusan tan 140 a ajiye. Da na nuna masa shafin, ya yi dariya ya ce kaya sun yi ƙaranci a shekarar, ya tabbata farashi zai tashi, shi ya sa ya riƙe. Farashin ya tashi kuwa, ya ci riba. Amma ga mai ba da bashi wannan shi ne hali mafi ban tsoro a wurin ɗan kasuwar hatsi, ya yi caca da kayan da ya kamata su biya bashi. Da mun ɗora wa mai saye laifi, tambaya ɗaya ga kamfanin ta isa ta rushe maganar, kuma wannan kamfanin ne muka sa a matsayin wanda za a iya tuntuɓa.

Abin da ya cece mu shi ne ya riga ya gyara tun kafin ya yi tunanin wannan rancen. Daga kakar 2023 ya ƙulla kwantiragi a rubuce da babban mai sayensa na tan 200, ana kaiwa cikin wata uku na farko bayan kaka, sauran ne yake riƙewa ya jira kasuwa. Wato akwai kason da ke zama kuɗi a kan lokaci ko farashi ya yi yaya. Muka rubuta dalilin yadda yake, muka bi shi da kwantiragin.

Lissafin ƙarfin biya bai shiga shafin tarihi ba, yana da nasa takardar, amma saboda shi ne wannan sakin layin ya zama dole. In aka ɗauki abin da zai riƙa biyan banki a shekara a matsayin 100, rarar da kasuwancin ya bari bayan an cire duk ɗawainiya ta kai 160 a kakar 2024, 135 a 2023, amma 90 kacal a 2022. Bankuna da yawa suna son ganin wajen 120 zuwa 125. Shekarun 2023 da 2024 sun haye, ta 2022 ta gaza. Kwamiti zai tsaya a kan 90 ɗin nan ko an so ko ba a so ba, kuma jami'ar na bukatar abin faɗa.

In ba ya nan fa

Sakin layi na ƙarshe da na nema shi ne na mutanen da ke riƙe da kasuwancin tare da shi. Shi kaɗai ke sa hannu a asusu, shi ke yanke farashi, shi masu saye suka sani.

"Wato in rubuta musu mutuwata ke nan, Malam?"

"Allah ya ja da rai, Alhaji. Ko zazzaɓin mako biyu ne a tsakiyar kaka, suna so su san wa zai biya manoma."

Ashe akwai amsa, ba a dai taɓa rubuta ta ba. Mai kula da sito yana tare da shi tun 2019. 'Yarsa da ta karanta aikin akanta ita ke riƙe da litattafan kuɗi tun 2023, kuma tun da ta karɓa kusan duk kuɗin sayarwa ta asusun kasuwanci suke shiga, ta kuma yanka masa abin da zai riƙa ɗauka na gida duk wata. Wannan ya bayyana a takardun asusu, a baya cire-cire ne babu tsari, daga 2023 adadi ɗaya a rana ɗaya.

Ga shafin yadda ya tafi banki. An rubuta shi da "ya" maimakon "na" don jami'ar ta iya kwafa kai tsaye, shi kuma ya sa hannu a ƙasa bayan an karanta masa sau biyu, domin ranar da za ta zo ganin sito duk abin da ke ciki sai ya iya maimaita shi da bakinsa.

"Mai neman rancen, ɗan shekara 51, ya fara noman masara da kansa a 2003 a hekta 4. Yanzu yana noma hekta 30, 12 mallakarsa ce da takarda, 18 haya ce da yarjejeniya a rubuce. A 2017 ya fara sayen masara a hannun manoman da ke kusa da shi. A 2019 ya yi wa kasuwancin rajista, ya buɗe masa asusu, ya gina sito mai ɗaukar tan 400 da kuɗinsa.

Abin da kasuwancin ya sayar, bisa rasidai: tan 310 a kakar 2020, 420 a 2021, 260 a 2022, 480 a 2023, 557 a 2024. A 2024 gonarsa ta ba da tan 120, an sayi tan 490 daga manoma 74. Ana sayen masarar da danshi wajen kashi 22, a sayar a 13, shi ne bambancin nauyin saye da na sayarwa. Ana auna danshin kowane kaya kafin biya tun 2021. Masana'antun abincin kaji biyu ne ke sayen kashi 70 na kayan, ɗaya 45, ɗaya 25. Akwai kwantiragin tan 200 a shekara da ta farkon.

A kakar 2022, saboda tsadar taki, ya rage masara zuwa hekta 15 cikin 26 da yake nomawa a lokacin, kuma abin saye ya ragu. Bayan wannan kakar ya makara da kwana 52 wajen biyan kashi ɗaya na rancen da ya karɓa a 2021, saboda ya riƙe kaya yana jiran farashi. Ya kammala biyan rancen a 2023, takardar shaida na haɗe. Tun daga kakar 2023 yana sayar da tan 200 na farko a kan kwantiragi cikin wata uku bayan kaka.

Ma'aikatan dindindin shida ne. Mai kula da sito yana aiki tun 2019. Mai riƙe da litattafan kuɗi, 'yarsa, tana da shaidar karatun akanta, tana aikin tun 2023.

Yanzu a daɓen siminti ake busar da kaya. A kakar 2023 mai saye ya dawo da lodin tan 30 saboda danshinsa ya kai 16. Injin da ake neman rance dominsa zai maye gurbin shanya a rana. Mai neman rancen bai taɓa aiki da irin wannan injin ba. Kamfanin da zai sayar zai horar da mai kula da sito, kuma ya ba da garantin shekara ɗaya."

Maganar lodin da aka dawo da shi Alhaji ne ya kawo ta da kansa, bayan ya ga yadda aka yi da kwana 52. Ita ce ta haɗa tarihin da rancen. Masarar da aka ajiye da danshi 16 tana ɗumama a buhu, fumfuna ta kama, kuma wani nau'in fumfunar yana fitar da gubar afalatoksin wadda sake busarwa ba ya cire ta, ga shi tana illa ga kaji. Shi ya sa masana'antu ba sa sassauci a kan danshi. Nasa lodin an kama shi da wuri, ya sake shanyawa, asarar ta tsaya a kuɗin mota sau biyu da 'yan kwanaki. Jimlar da ta ce bai taɓa aiki da injin ba kuwa ɗan ƙanen nasa ya so a cire. Na bar ta, domin ƙwarewar da babu ita ba a rubuta ta, kuma tambaya ce da za a yi ko da mun yi shiru.

Abin da ya biyo baya

Jami'ar ta zo ganin wurin da shafin a hannunta, ta ja layi a ƙarƙashin wurare uku. Ta nemi littafin saye ta buɗe shafin da ta ga dama, ba wanda muka ɗauki hotonsa ba, ta duba jan biron. Ta tambayi 'yar tasa, ba shi ba, nawa ake bin masana'anta ta biyu kuma kwana nawa take ɗauka kafin ta biya. Sannan ta tambaye shi abin da zai yi in babban mai sayen ya janye, tun da kusan rabin kayan hannu ɗaya suke tafiya. A nan amsarsa ba ta yi ƙarfi ba, ya ce masara ba ta rasa mai saye. Gaskiya ne, amma ba a wannan farashin ba, kuma ba lallai a watan da banki ke jiran kuɗinsa ba. Shafin tarihi ya bayyana wannan raunin, bai kuma iya rufe shi ba, don babu takardar da za a sa a bayansa.

Kwamiti ya amince da rancen da sharuɗɗa. Kuɗin injin za a biya kamfanin kai tsaye, ba za su bi ta hannunsa ba. Filin da siton ke kai da injin kansa su ne jingina, kuma za a yi wa injin inshora. 'Yarsa za ta zama mai sa hannu ta biyu a asusun kasuwanci. Biya sau biyu ne a shekara maimakon wata-wata, na farko wata huɗu bayan kaka, wato bayan kuɗin kwantiragin tan 200 sun shigo, na biyu wata takwas bayan kaka. Sharaɗi na ƙarshe shi ne ya kawo kwantiragi a rubuce daga masana'anta ta biyu kafin a saki kuɗin. Masana'antar ta yarda ta rubuta tan 100 daga cikin kimanin 140 da ta saba saye, bankin ya karɓi hakan.